Yadda ake riƙe kuɗin gida bayan rasuwar miji ko mata, daga asusun banki zuwa rabon gado

Na daɗe ina taya iyalai haɗa takardu da lissafi bayan rasuwa, kuma abin da na lura da shi shi ne ba kasafai rigimar gado ke farawa ranar rabo ba. Tana farawa ne a makonnin farko, lokacin da kowa ke cire kuɗi da kyakkyawar niyya, ba wanda yake rubutawa. Daga lokacin da rai ya fita, abin da mamaci ya bari ya tashi daga zama kuɗin cefanen gida, ya koma tarika: masu bin bashi suna da haƙƙi a ciki, magada ma suna da shi, har da waɗanda ba a gidan suke zaune ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su. Na ɗauki misalin gidan Musulmi a arewacin Najeriya, inda kotuna ke raba gado a bisa mazhabar Malikiyya. Wanda aka yi aurensa a rajista, dokar rabonsa daban ce, amma abin da ya shafi banki da fansho ɗaya ne.

Abin da za a tanada

Littafin rubutu sabo mai bango mai ƙarfi, da jakar takardu guda ɗaya. Takardar shaidar rasuwa daga asibiti, da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ake samu a ofishinta na ƙaramar hukuma. Wayar mamaci da layukansa duka. Katunan ATM, littafin caki, lambar BVN da ta NIN. Takardun gida, fili, gona, shago da mota. In ma'aikaci ne, takardar ɗaukarsa aiki, takardar albashi ta watannin ƙarshe da lambar asusun fanshonsa. Sai katin shaida da ƙananan hotuna na waɗanda za su wakilci iyali, da takardun haihuwar yara.

Abu na ƙarshe mutane ne: dattawa biyu masu gaskiya, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, waɗanda za su sa hannu a kan duk abin da aka rubuta. In mata biyu ne ko fiye, kowane ɗaki ya kawo nasa.

Idan a gida aka rasu, babu takardar asibiti, a karɓi wasiƙa daga mai unguwa ko dagaci, a yi takardar rantsuwa a kotu, a kai wa Hukumar Ƙidaya. In haɗarin mota ne, a nemi rahoton 'yan sanda tun da wuri, domin kamfanin inshora zai tambaya. Kowace takarda a yi mata kwafi da yawa, a kuma ɗauki hotonta a waya. Ainihin takardar a nuna ta kawai, kada a bar ta a hannun kowa.

Mataki na 1: A kulle, a rubuta, kada a raba komai

A cikin kwana ukun zaman makoki, a tattara makullai, katuna da takardu a wuri ɗaya a gaban shaidun nan biyu. A buɗe littafi gida huɗu: abin da mamaci ya mallaka, abin da ake bin sa, abin da yake bin wasu, da abin da aka kashe tun daga ranar rasuwa. Likkafani, kuɗin mota zuwa maƙabarta, buhun shinkafar da aka dafa wa baƙi, duka a rubuta da kwanan wata da sunan wanda ya biya.

A nan ake fara kuskure. Hidimar jana'iza daidai gwargwado tana fita daga dukiyar mamaci. Amma abincin sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in ba ya cikinta. Baligin da ya ga zai yi sadaka ya yi da kuɗinsa ko da kasonsa. In akwai ƙananan yara a cikin magada, ba wanda yake da ikon yafe haƙƙinsu, ko mahaifiyarsu ce. Haka rigunan mamaci, agogo, babur: al'ada ta sa ana miƙa wa ƙanne da abokai tun kafin arba'in, alhali su ma gado ne.

Kuɗin da masu ta'aziyya suka kawo ba tarika ba ne, don mamaci bai taɓa mallakarsu ba. Na wanda aka ba ne. Abin da aka damƙa wa matar a hannunta nata ne, abin da aka ce na yara na yara ne. A rubuta shi a shafi daban, domin shi ne zai riƙe gidan a watannin farko.

Mataki na 2: Waya da katin ATM

Kada a bar layin mamaci ya mutu. A riƙa sa masa kati ana kira da shi jefi-jefi, don layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan rufe shi ya sayar wa wani, saƙonnin banki su koma hannun baƙo. A cikin saƙonnin wayar ne za ku gano asusun da ba wanda ya san da shi, da bashin da ake cira duk wata, da wanda aka tura wa kuɗi masu yawa kwanan nan. Ku duba manhajoji irin su OPay, Moniepoint da PalmPay, don 'yan kasuwa da yawa yanzu can cinikinsu yake. In ba ku san lambar BVN ba, ku danna wannan a layin da ya yi rajista da shi:

```
*565*0#
```

Game da katin ATM, na san mata da yawa sun san lambar sirrin mazansu, kuma a ranar farko wani zai ce a yi maza a kwashe kafin banki ya rufe. Kada ku yi. Izinin da miji ya ba matarsa ta cire kuɗi ya ƙare da rasuwarsa. Duk abin da aka cira zai fito a takardar bayanin asusu da rana da lokaci, kuma ranar da aka karanta ta a gaban alƙali, kishiya da 'yan'uwan miji ba za su ƙara yarda da sauran lissafinku ba. In an riga an cira saboda lalurar jana'iza ko kuɗin asibiti, a rubuta adadin, a ajiye rasit, a faɗa wa sauran magada tun yanzu, a lissafa shi ranar rabo.

Mataki na 3: A ware abin da ba na mamaci ba

Kafin a ce ga abin da ya bari, sai an fitar da abin da yake hannunsa amma ba nasa ba. Kuɗin kwamitin masallaci da ke asusunsa, adashin da yake riƙe wa mutane, jarin wani da yake juyawa, tumakin da aka ba shi kiwo: duk amana ne, a mayar wa masu su bayan an tabbatar.

Dukiyar matar ma ba ta shiga. Kayan ɗakinta, gwal ɗinta, sadakinta, abin da ta samu a sana'arta, nata ne. In an yi jayayya a kan kayan cikin gida kuma babu shaida, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a bar wa matar da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne ya shiga tarika. Firiji da injin markaɗe su ne ake yawan ja a kansu, shi ya sa rasit mai suna yake da amfani.

Sai maganar kyauta, wadda ke ɓata zumunci fiye da kowace. Wani ɗa zai ce, "Ai Baba ya ba ni filin nan tun yana da rai." Tambayar da alƙali zai yi ita ce: ka karɓe shi ya koma hannunka kafin rasuwar, kuma akwai shaidu? Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta ɓaci, filin ya koma gado. Kyautar da aka yi a cikin ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Ƙaramin yaro da mahaifinsa ya yi wa kyauta ya kafa shaidu, nasa hukuncin daban ne, a kai wa alƙali.

Mataki na 4: Bashi

Jerin da shari'a ta ajiye shi ne: abin da aka jinginar ya fara biyan mai jingina, sannan jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan gado. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, inda aka faɗi kason kowa, sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Don haka magajin da ke gaggawar a raba kafin a gama da masu bin bashi yana neman abin da bai zama nasa ba tukuna.

Sanarwar da ake yi a wurin jana'iza, cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya ga wane, tana da kyau amma ba ta isa ba. A sake yin ta a masallacin unguwa, a kasuwarsa ko ofishinsa, a ba da wa'adi, misali zuwa arba'in. Duk wanda ya zo a rubuta sunansa, adadin, yaushe aka ci bashin, da hujjarsa: takarda, saƙon tura kuɗi, ko shaidu. Kada a biya kowa a tsaye a zaure. A jira a ga jimillar tukuna, domin in bashin ya fi dukiyar yawa, raba ta za a yi tsakanin masu bi gwargwadon abin da kowa yake bi. Wanda ke bin naira 600,000 da wanda ke bin 300,000, in abin da ya rage 450,000 ne, na farko ya sami 300,000, na biyu 150,000. In kun riga kun biya wanda ya fi ɗaga murya duka, kun ci haƙƙin mai kawaici.

Wanda ya zo ba takarda ba shaida, ba dole a biya shi daga dukiyar marayu ba. Ko da ya kawo shaidu, alƙalan Malikiyya kan sa mai bin mamaci bashi ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, tunda wanda zai musa ba ya nan. Baligin da zuciyarsa ta gaskata mutumin yana iya biyansa daga kasonsa.

Abubuwa uku da iyalai ba su cika sani ba. Na ɗaya, bashin da aka yi alkawarin biya nan da shekara, da zarar wanda ake bi ya rasu lokacinsa ya yi. Amma wanda mamaci yake bin wasu yana nan a kan wa'adinsa. Na biyu, matar ma tana iya zama mai bin bashi. Ragowar sadakin da bai cika ba bashi ne, haka gwal ɗin da ta sayar ta ranta masa ya ƙarasa gini. Kunya kan hana mata faɗa, sai bayan an raba su fara ƙorafi. Ki faɗa tun farko, Hajiya, ki kawo hujjarki kamar kowa. Na uku, bashin mamaci a kan dukiyarsa yake, ba a kan matarsa ko 'ya'yansa ba. In dukiyar ta ƙare, ba wanda zai tilasta wa matar ta sayar da kayan ɗakinta, sai in ita ta tsaya masa ko tare suka sa hannu. Wanda ya biya wa mahaifinsa don sauke masa nauyi ya yi alheri, amma zaɓinsa ne. Masu manhajar bashi da ke bugo waya suna barazana, a tura musu kwafin takardar rasuwa, a ce su kawo lissafinsu a rubuce.

In bashin banki ne, a tambaya a rubuce ko akwai inshora a kansa. Rancen albashi da yawa ana cirar kuɗin inshorar rai tun ranar da aka ba da shi, kuma in mai shi ya rasu ita ke biyan ragowar. Ba kullum ake tuna wa iyali da wannan ba. In babu inshora, banki zai cire haƙƙinsa daga abin da ke asusun kafin ya saki saura.

Bashin da mamaci yake bin wasu kuwa, a bi shi da wuri, da ladabi, da littafi a hannu. Kowane wata da ya wuce, masu tunawa raguwa suke yi.

Mataki na 5: Banki da kotu

A rubuta wa kowane banki wasiƙar sanar da rasuwa, a haɗa da kwafin takardar rasuwa, a sa su buga hatimi a kwafinku. Daga nan za su hana fitar kuɗi daga asusun, amma kuɗi na iya ci gaba da shiga. Wannan kariya ce gare ku, don yana tare duk wanda ke riƙe da kati ko lambar sirri a ɓoye.

Sunan da mamaci ya rubuta a gurbin Next of Kin a fom ɗin banki bai mayar da mai sunan magaji ba, bai kuma ba shi ikon cire ko sisi ba. Mutum ne da za a tuntuɓa, shi ke nan. Na sha ganin ƙanin miji yana rawar kafaɗa saboda sunansa ne a fom, alhali 'ya'ya maza sun katange shi daga gadon gaba ɗaya.

Abin da banki yake saurare takardar kotu ce. Hanya biyu ce. Ta farko, a shigar da maganar rabon gado a kotun shari'ar Musulunci mai hurumi, a jihohin da ke da su, ko babbar kotun yanki. Alƙali zai tantance magada, ya rubuta wa bankin ya kawo bayanin abin da ke asusun, sannan ya ba da umarni mai hatimi. Ta biyu, a je sashen furobet na Babbar Kotun Jiha, wato mai kula da harkar dukiyar mamata, a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda za ku ga an rubuta Letters of Administration a kanta. A nan za a ba ku fom da kowane banki zai cika adadin kuɗin, a nemi masu tsaya muku, a buga sanarwa a jarida a jira ko akwai mai ja, a kuma biya wani kaso na darajar dukiyar, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Shawarata, kafin ku kashe ko kwabo, ku tambayi bankin da kamfanin fansho wace takarda suke karɓa, su ba ku jerin a rubuce. Sannan ku tabbata kowane asusu an ambace shi da lambarsa a cikin takardar kotun. Wanda aka manta, sai an koma kotu an ƙara shi. Masu wakiltar iyali su zama aƙalla biyu, daga ɗakuna daban-daban in akwai kishiyoyi, kuma kuɗin ya sauka a asusun da aka buɗe da sunan tarika ko ta hannun kotu, ba a asusun babban ɗa ba. Duk kuɗin da aka biya a kotu a karɓi rasit.

Mai takaba tana wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuma har ta haihu. Wannan bai hana ta fita da rana don lalura ta dawo ta kwana a ɗakinta ba, kuma tana iya wakilta ɗan'uwanta. Abin da ba za ta yi ba shi ne sa hannu ko dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba.

Mataki na 6: Haƙƙoƙin wurin aiki

In ma'aikaci ne, a sanar da ofishinsa a rubuce. Albashin da ya ci gaba da shigowa bayan rasuwa kada a ɗauke shi rabo daga sama, domin ana iya cire shi daga haƙƙoƙinsa daga baya.

Ga wanda ke ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, wato ma'aikatan tarayya da na kamfanoni, abubuwa biyu ne daban. Akwai abin da ya tara a asusun fanshonsa, wanda kamfanin fansho ke biya bayan an kai takardar kotu. Akwai kuma inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi, kuma ba ta gaza ninki uku na jimillar albashin shekara ba. Wannan ta ofishinsa ake bin ta, kuma iyalai da yawa ba su ma san da ita ba. In an ja muku rai, hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ce ke sauraron ƙorafi. Ma'aikatan wasu jihohi, kamar Kano da Jigawa, suna da nasu tsarin, sai a bi ta hukumar fanshon jihar.

Abin da ya tara daga albashinsa gado ne ba tantama. Kuɗin inshora da tallafin da wurin aiki ke bayarwa da sunan wasu mutane, malamai sun yi saɓani a kansu, don haka a kai wa alƙali takardar ya yanke, kada wanda sunansa ya fito ya yanke wa kansa. A kuma tambayi ajiyarsa a ƙungiyar kofaretib ta ofis, da abin da aka riƙa cira masa na asusun gidaje na ƙasa, da kuɗin kujerar Hajji in ya fara biya, da hannun jarin kamfanoni in akwai tsofaffin takardu a akwati.

Mataki na 7: Cin abinci kafin a raba

Takardun nan kan ɗauki watanni, tukunya kuma ba ta jira. A zauna a lissafa abin da gidan ke ci a wata: hatsi, cefane, wuta, ruwa, magani, kuɗin makaranta, haya. A fara da kuɗin ta'aziyya da abin da dangi suka yi alkawari. In dole sai an taɓa tarika, misali cinikin shago ko kuɗin hayar wani gida, a yanke adadi na wata da yardar magada baligai, a rubuta wa aka ba.

Dalilin rubutun shi ne, a Malikiyya ciyar da mai takaba ba ya kan tarika, daga kasonta take ci. Yara ma kowa daga nasa. Abin da take da shi shi ne zama a gidan har ta gama takaba, in gidan mallakar mijin ne ko ya riga ya biya hayarsa. Ba wanda zai ce ta kwashe kayanta ranar bakwai. Shagon mamaci kuwa, a ƙirga kayan ciki a gaban shaidu kafin a sake buɗe shi, a sa wa mai tsaro albashi sananne.

Mataki na 8: Wasiyya da rabo

Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan bashi, kuma ba a yi wa magaji, sai in sauran magada baligai sun amince. In akwai mai ciki a cikin matan, a Malikiyya ana dakatar da rabon har ta haihu.

Ga misali. Ma'aikaci ya rasu ya bar mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mata uku. Mahaifinsa ya riga shi. Akwai kuma jikoki biyu, 'ya'yan babban ɗansa da ya rasu tun yana da rai. Waɗannan jikokin ba su da gado saboda baffanninsu sun katange su, amma kakan ya yi musu wasiyyar naira 1,000,000 a gaban shaidu.

An yi wa gida kuɗi naira 12,000,000, mota 2,000,000. A banki an sami 2,800,000, amma 500,000 na kwamitin masallaci ne, saura 2,300,000. Asusun fansho 3,100,000. Bashin da yake bin wani aboki 400,000, an karɓo. Jimilla 19,800,000.

Jana'iza ta ci 100,000. Kofaretib na bin sa 900,000, mai hatsi 250,000, uwargida 600,000 na gwal ɗinta, amarya 150,000 ragowar sadaki. Bashi ya kama 1,900,000. Saura 17,800,000. Wasiyyar jikoki ba ta kai sulusi ba, an fitar da ita. Abin rabo 16,800,000. Na bar kuɗin kotu a gefe don lissafin ya fito sarai; a zahiri shi ma kafin rabo ake cire shi.

Matan suna da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya: 2,100,000, kowacce 1,050,000. Tumunin ɗaya ne ko mata huɗu ne, ba kowacce da nata ba. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida: 2,800,000. Saura 11,900,000 na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, kashi bakwai ke nan. Kowace mace 1,700,000, kowane namiji 3,400,000. 'Yan'uwan mamaci ba su da komai.

A takarda ya tafi daidai, amma tsabar kuɗin da ke hannu bayan hidimar jana'iza da biyan bashi da wasiyya 2,800,000 ne kacal, sauran gida ne da mota. Hanya ɗaya ita ce mahaifiya ta ɗauki tsabar kuɗin, a sayar da mota a ba matan, yara su riƙe gidan su cika wa iyayensu mata 100,000. Gida ya tsira, amma yaran ba su da kuɗin makaranta, matan kuma ba su da ko ɗaki a gidan da sunansu. Wata hanyar ita ce kowace mata ta karɓi wani ɓangare na kasonta a ɗakin da take ciki, a bar wa yara wani abu na kuɗi. Ni na fi karkata ga wannan in yaran ƙanana ne, amma sai da yardar kowa, kuma farashin gidan ya fito daga bakin dillalai biyu ko uku da ba su da niyyar saya.

In matar ce ta rasu

Matakan ba su canza ba, sai dai a nan an fi yin shiru a haɗiye. Kayan ɗakinta, gwal, zubin adashinta, awakinta, kuɗin da ke asusunta da filin da ta gada duk tarika ne. Mijin yana da rubu'i, ɗaya cikin huɗu, in tana da ɗa ko 'ya ko da daga wani auren ne. In babu, rabi. Iyayenta suna da kasonsu. Abin da ta ranta masa da ragowar sadakinta bashi ne a kansa, sai ya zuba a tarikar sannan ya ɗauki nasa. Miji ya rufe ɗaki ya ce na yara ne, ko dangin mata su kwashe kaya da mota washegari, duka biyun ba rabo ba ne.

Mataki na 9: Kason marayu da takardar rufewa

Kason ƙananan yara ba ya zama a hannun wanda ya fi kusa kawai. Mai kula da shi shi ne wanda mahaifinsu ya yi wa wasiyyar haka, in babu kuma wanda alƙali ya naɗa. Mahaifiyar da ke son ta riƙe ta nemi kotu ta naɗa ta a rubuce, wannan zai kare ta daga baffanni, ya kuma kare ta daga tuhumar yaran in sun girma. A buɗe wa kowane yaro asusunsa, a rubuta duk abin da aka kashe masa. Ganin yadda naira ke zubewa, kuɗin da zai yi shekara goma yana jiran yaro gara a mayar da shi fili mai takarda da sunansa, da izinin kotu.

Ranar rabo a rubuta takarda ɗaya: jerin dukiya, basussukan da aka biya, sunan kowane magaji da abin da ya karɓa, sa hannunsa da na shaidu, da hatimin kotu. Kowane ɗaki ya riƙe kwafi. A ƙara layi a ƙasa cewa duk dukiyar da ta ɓullo daga baya za a raba ta a kan wannan kason, duk bashin da ya tabbata daga baya kuma kowa zai mayar gwargwadon abin da ya karɓa. Sannan a canza suna a takardun gida, mota da mitar wuta, a rufe asusun mamaci bayan kuɗin fansho da na inshora sun gama shigowa. Layin wayarsa shi ne na ƙarshe da za a saki.